Darasi na Bakwai: Lissafin Kayan Wuta Kafin Sayen Janareta

Wanda ya shiga kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas neman janareta, tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce nawa ya zo da shi. Wannan ba ita ce tambayar da za ta amfane ku ba. Abin da ya kamata ku sani tun kafin ku bar gida shi ne yawan wutar da kayanku ke ci, domin shi ne zai nuna girman injin da ya dace da ku. A wannan darasi za mu yi lissafin tare, da misalin wani magidanci a Agege mai ɗaki biyu da falo.

Ku ɗauki takarda da biro ku zaga gidan. Kusan kowane kayan wuta yana da rubutu a bayansa ko a ƙasansa, inda za ku ga lamba da harafin W a gefenta. Wannan harafi yana nufin wat, wato ma'aunin wutar da abin yake ci. Ku rubuta abubuwan da kuke so su yi aiki tare idan an ɗauke wutar Nefa, ba duk abin da ke gidan ba.

Ga abin da magidancin namu ya rubuta. Ƙwan fitila takwas, kowanne wat 10, sun kama 80. Fankar sama uku, kowace wat 70, sun kama 210. Talabijin da dikoda 100, cajin wayoyi 40. Firizar da uwargida ke sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa tana cin 150. Sai injin jan ruwa mai ƙarfin rabin doki, wanda ke cin wajen 500. Idan aka haɗa duka, an sami wat 1,080.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Sai su ce tunda lissafi ya ba da 1,080, injin da ke ba da 1,200 ya isa. Bai isa ba, kuma ga dalili. Ku tuna mai tura baro a kasuwar Mile 12. Idan an loda masa buhunan albasa, ƙarfin da yake sawa kafin baron ya motsa ya fi wanda yake sawa bayan taya ta fara juyawa. Haka duk abin da ke da mota, wato injin lantarki mai juyawa, a cikinsa yake, kamar firiza, firji, injin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki. A daƙiƙun farko na tashinsu sukan ja wuta ninki uku na abin da aka rubuta, wani lokaci fiye da haka. Ƙwan fitila da talabijin ba su da wannan hali, na fanka kuma kaɗan ne.

To, injin ruwan nan mai cin 500 zai iya jan 1,500 lokacin tashi, wato ƙarin 1,000. Firizar mai cin 150 za ta iya jan 600, ƙarin 450 ke nan. Ba a haɗa ƙarin biyun, domin ba a lokaci guda za ku tayar da su ba. Ana ɗaukar mafi girma ne a ɗora a kan jimilla: 1,080 da 1,000 sun zama 2,080. Yanzu magidancin yana da lambobi biyu a takardarsa. Ta farko 1,080, nauyin da janaretan zai ɗauka tsawon dare. Ta biyu 2,080, nauyin da zai jure na ɗan lokaci.

Da waɗannan lambobi za ku duba jikin janareta. Kada ku yarda da babbar lambar da ke cikin sunansa ko wadda aka manna a tanki. Ku nemi ƙaramin allon bayani, inda aka rubuta Rated da Max. Lambar Rated ita ce abin da yake bayarwa ba tare da wahala ba, kuma ya kamata ta wuce lambarku ta farko da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Lambar Max kuma ta kai lambarku ta biyu. Idan kVA kawai aka rubuta, ku lissafa kowane kVA ɗaya a matsayin wat 800. Saboda haka mai 2.5 kVA wat 2,000 ne, kuma irinsa kan kai 2,200 a Max. Shi ya dace da wannan gida, amma da ƙyar ya wuce, don haka shawarata ita ce a kashe firiza na 'yan mintocin da za a ja ruwa. Dutsen guga kuwa, wanda shi kaɗai yake cin 1,000 ko fiye, a bar shi sai an kawo wuta.

Idan inji ya yi wa kayanku kaɗan, zai gaya muku. Da firiza ta tashi za ku ji muryarsa ta yi ƙasa kamar zai mutu, fitilu su dushe, firizar ta yi ƙara "ƙas", ta yi shiru, ta sake gwadawa. Wannan gwaji da take ta yi shi ke ƙona kwamfaresa, kuma kuɗin sabuwa zai cinye rangwamen da kuka samu a kasuwa.

Wani zai ce to bari ya sayi babba ya huta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu hutu a wannan. Inji mai 2.5 kVA da ke ɗauke da rabin nauyinsa yana shan wajen lita ɗaya a awa. Awa biyar kowane dare lita 150 ke nan a wata. Babba mai 5.5 kVA, ko da kayan nan ne dai a kansa, zai iya shan lita ɗaya da rabi a awa, wato 225 a wata. Ku ninka bambancin lita 75 da farashin lita a yau, za ku ga abin da ke fita daga kuɗin cefane. Idan kuna son sanin shan injinku na gaskiya, ku cika tanki, ku kunna awa biyu da kayan da kuka saba, sannan ku sake cikawa da gora mai lita ɗaya kuna ƙirgawa.

Game da suna, a Legas za ku ga Honda, Firman, Elepaq, Tiger da wasu da dama. Honda ya yi suna wajen ƙarko, amma da tsada, kuma duk sunan da ya karɓu ana yin jabunsa. Ni na fi so ku fara da makaniken unguwarku: wane iri ne yake samun kayan gyaransa da sauƙi? A shago ku tambaya ko naɗin wayar ciki na jan ƙarfe ne ko na alminiyam, domin jan ƙarfe ya fi jure zafi, kuma ku tabbatar yana da AVR, abin da ke daidaita wuta don kada ta lalata talabijin. A tayar da shi a gabanku, a sa masa dutsen guga ku ji yadda muryarsa za ta yi, sannan ku karɓi rasit da takardar garanti.

Kafin ku kawo shi gida ku tanadi wurinsa a waje, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, saboda haka ba a kunna shi a ɗaki, a kicin ko a lungun tsakanin ɗakuna, ko da ana ruwan sama.

Aikin gida: kowa ya rubuta kayan wutar gidansa da wat ɗinsu, ya ja layi ƙarƙashin masu mota, ya fitar da lambobinsa biyu ya zo da su aji mako mai zuwa.