Yadda ake tara kuɗin kayan Sallah, yunifom da inshora tun da wuri

Kayan Sallah da yunifom ɗin yara da inshorar mota duk mun san ranarsu amma kullum sai sun riske mu kamar mutuwa. Ni dai a nan Birnin Kebbi ga yadda nake yi.

Da farko ka samu littafi ka rubuta abin da ka kashe bara, ka ƙara wani abu a kai don farashi ba ya tsayawa. A ce yaranka uku, yunifom da sandal naira 12,000 kowanne, 36,000 ke nan a watan Satumba. Inshorar ƙaramar mota, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, 15,000 ce tun Janairun 2023. Kayan Sallah na gida gaba ɗaya, yadi da ɗinki, mu sa 120,000.

To ga inda mutane ke kuskure, sai su haɗa duka su raba gida 12. Ba haka ba ne, kowanne ana raba shi ne da watannin da suka rage kafin lokacinsa. In ka fara saura wata shida Sallah, 20,000 za ka riƙa cirewa duk wata, inshora saura wata goma 1,500, yunifom saura shekara 3,000, jimla 24,500. Da nauyi kam, amma shekarar farko ce kawai, bayan Sallah za ta sauko wajen 15,500. Kuma kuɗin Sallah gida 11 nake raba shi, don Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ga shi tela na son kaya tun kafin azumi, wanda ya kai ɗinki goman ƙarshe ya san sauran labarin.

Ranar da alat ya shigo ranar za ka cire, in ka ce sai ƙarshen wata wallahi ba abin da zai rage. Ka tura wani akawun da ba ka da katinsa. Na taɓa barin nawa a asusu cikin ɗaki, yau gas gobe gudummawar biki, da na fasa ko kuɗin hula bai kai ba. In adashi kake yi ka roƙi uwar adashi ta sa maka kwasa a Rajab ko Sha'aban.

Na Sallah kuma ba na barinsa ya daɗe a kuɗi, da ya kai na turmin atamfa ko yadi biyar na shadda sai in saya in ba uwargida ta jefa akwati. Yaran ne dai kar a ɗinka musu da wuri, wata biyar ya isa wando ya ɗage. Na inshora in lokaci ya yi ka biya a kamfani mai rajista, ka duba lambar motarka a askniid.org, don takardar bogi ta yi yawa a bakin tasha.