Ka Samu Sabon Satifiket? Kurakuran da Ke Mayar da Sanarwarka Fariya

Wata abokiyar aikina ta ci jarrabawar PMP, shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka wadda PMI, cibiyar ƙwararrun wannan fanni, ke bayarwa. Kafin ta sanar da jama'a sai ta turo mini abin da ta rubuta in duba. Layi shida ne, kuma kowane layi a kanta yake: tana alfahari, ta sha wuya, ta hana idonta barci, yanzu ta shiga sahun ƙwararru. Babu ƙarya a ciki, don na ga irin wahalar da ta sha. Amma da na kai ƙarshe ban san abu ko ɗaya da ta koya ba, kuma nan ne babban kuskuren yake. Abin da ke sa sanarwa ta yi ƙamshin fariya shi ne mai karatu ya tashi hannu rabbana, bai ƙaru da komai ba sai labarin girman mai rubutu.

Na tambaye ta, "A duk karatun nan, me ya canja yadda kike aiki?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce a da duk aikin da ya makara hankalinta tashi yake yi. Yanzu ta gane cewa a kowane shiri akwai jerin ayyuka masu jiran juna waɗanda su ke yanke ranar gamawa. Idan ɗaya daga cikinsu ya makara da kwana biyu, duk shirin ya makara da kwana biyu, alhali wani aikin na gefe yana iya jinkirin mako guda ba a ji a jiki ba. Na ce mata ai wannan ita ce sanarwar. Ga yadda ta koma:

"Na ci jarrabawar PMP a wannan makon. Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne bambance jinkirin da ke motsa ranar gamawa da wanda ba ya motsa ta. Na riga na fara tsara aikin da ke hannuna a kan haka. Ina godiya ga shugabar sashenmu da ta ba ni lokacin karatu. Duk mai shirin zaunawa jarrabawar yana iya yi mini magana, zan nuna masa yadda na tsara karatuna."

Nasarar tana nan a layin farko, ba a ɓoye ta ba. Wannan ya kawo ni ga kuskuren da ke ɗaya gefen, wato tawali'un da ya wuce gona da iri. Wani sai ya rubuta, "Ban ma yi wani karatu ba, sa'a ce kawai." Wanda ya faɗi jarrabawar sau biyu idan ya karanta wannan, zafi zai ji, domin an nuna masa abin da ya gagare shi wasa ne a wurin wani. Idan wata huɗu ka yi kana karatu, ka ce wata huɗu. Idan sai a zama na biyu ka ci, faɗin hakan ya fi kowace kalmar ƙanƙan da kai amfani ga na baya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙara wa takarda gishiri. Kafin a zauna jarrabawar PMP ana neman horo na awa 35, kuma masu horarwa kan ba da takardar kammalawa. Wannan takarda shaidar halarta ce, ba PMP ba ce. Wanda ya ɗora ta yana nuna kamar ya samu shaidar, masu ɗaukar ma'aikata za su gane cikin minti ɗaya, tunda PMI na da rajistar da ake duba sunayen masu riƙe da ita. Ka rubuta cikakken sunan shaidar, da hukumar da ta bayar, da shekara. Ka kuma tuna tana da wa'adi: ana sabunta PMP duk shekara uku da makin ci gaba da karatu guda 60.

Sai hattara da son taimako. Kana iya faɗin fannin da ya ba ka wuya da hanyar da ka bi ka shawo kansa, amma kada ka kawo ainihin tambayoyin da ka gani a ɗakin jarrabawa. Ka amince da sharaɗin riƙe sirri kafin ka fara, kuma karya shi na iya jawo a ƙwace shaidar. In za ka sa hoton satifiket, ka rufe lambar da ke jiki, don kada wani ya kwafe ta ya haɗa na jabu.