Kurakuran Lissafin Kamashon Dillalai da Na Gaji da Gyarawa

Duk wanda ya kawo min fayil ɗinsa na kamasho ya ce na'ura ta yi kuskure, kafin ya buɗe na san inda ɓarakar take. Kusan kullum gida ɗaya ne a Excel ko Google Sheets, inda aka rubuta kason dillali, sannan duk lissafin shekara ya rataya a wuyansa.

Ni ma wannan ramin na faɗa lokacin da nake riƙe wa wani mai sarin fitilun sola lissafi. Kashi 5 cikin ɗari muke ba dillalai. Wani daga cikinsu ya yi cinikin naira 800,000 a watan Maris, muka biya shi 40,000. Da Afrilu ya kama, maigida ya ce a rage kason zuwa 4, ni kuma na shiga gidan nan na canza lamba ɗaya, na kama gabana. Ashe lissafin Maris ma ya bi sabuwar lambar, ya koma 32,000. Da maigida ya duba sai ya ga kamar an biya mutumin rarar 8,000, ya ce a zare masa. Bawan Allah ya zo ofis da rasitansa a leda, ya ce, "Malam, nuna min inda na ci muku kuɗi." Na rasa bakin magana, don tsohuwar lambar ta ɓace, babu abin da zai shaida ta taɓa zama. Ranar na sha kunya.

Yanzu kaso ba ya zama a gida ɗaya a wurina. Shafi guda nake ware masa mai suna `Kaso`: ranar da ya fara aiki a `A`, kason a `B`. In an canza, sabon layi nake ƙarawa a ƙasa, ba na taɓa tsohon. Kowane ciniki sai ya nemo kasonsa da ranar da aka yi shi, wadda ke gidan `C2`:

```
=VLOOKUP(C2,Kaso!A:B,2,TRUE)
```

Sai dai wannan `TRUE` ɗin yana da sharaɗi: dole ranakun su jeru daga tsohuwa zuwa sabuwa, in ba haka ba zai iya kawo maka kason da ba shi ba, kuma ba zai ce uffan ba. Da mun rufe wata, sai in kwafe sakamakon in manna shi da `Values only`, don kada wata canji ta gobe ta sake motsa abin da aka riga aka biya.

Na biyun shi ne goge layi idan an dawo da kaya. Don Allah ku daina! Wanda ya goge layi ya goge shaida. A ce mai saye ya dawo da kayan 50,000 a Afrilu, alhali a Maris aka sayar. Layin Maris ya zauna yadda yake. Ka buɗe sabon layi na ragi, ka sa lambar rasit ɗin asali, da sunan wanda ya shigar, da dalili. Kuma ka lura, da kason Maris za a cire, wato 2,500, tunda shi aka biya. Idan ka bar lissafin ya bi ranar dawowar kayan, 2,000 zai cire, kuma wannan 500 ɗin za ta hana littafinka daidaita har ka gaji da nema.

Akwai masu ce min ai `Version history` na nan. To, yana nuna wanda ya canza da lokacin, amma ba ya faɗin dalili, kuma a Google Sheets wanda aka ba izinin kallo kawai ba ya ganinsa. Ni kowane dillali ina ba shi takardarsa daban: lambar rasit, rana, kuɗin ciniki, kaso, kamasho, layi bi layi. Ma'aunina shi ne ya iya ɗaukar kalkuletar wayarsa ya fitar da jimillar da kansa ba tare da ya kira ni ba. Wasu abokan aiki sun ce ɓata takarda ne. Tun da na fara, rigimar ƙarshen wata ta ragu sosai.

Sauran ƙanana ne. Kada ka tara ciniki da suna, don Sani uku za ka iya samu a kasuwa ɗaya, ka ba kowa lamba. Fayil ɗin ciniki kan shigo sau biyu, saboda haka ka sa `COUNTIF` a kan lambar rasit, duk wadda ta wuce 1 ka bincika kafin biya. Ranar da ta shigo a matsayin rubutu `ISNUMBER` zai tona ta. Kwabbai kuma, ni a kowane layi nake sa `ROUND`, don jimillar takardar dillali ta zo daidai da abin da ya shiga asusunsa.