Darasi: Yadda Ake Taƙaita Dogon Rahoto a Shafi Ɗaya Daga Hotunan Waya

Sau da yawa rahoton ƙungiya ba ya zuwa hannunku a takarda. Wani ne zai ɗauki shafukansa hoto da waya ya turo, sannan a ce ku fitar da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya domin shugabanni su karanta kafin taro. Wannan shafi ɗaya shi ne abin da mafi yawansu za su gani, kuma a kansa za su yanke shawara. Idan aka buga da rubutu madaidaici, shafin takarda A4 yana ɗaukar kalma wajen 300 zuwa 400. Iyakar wurin da kuke da shi ke nan.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata ƙungiya ta rubuta rahoton shekara mai shafi 48 a kan gyaran rijiyoyin burtsatse, aka turo muku hotuna 46.

Ku fara da ƙidayar shafuka

Kada ku soma karatu tukuna. Ku ɗauki littafin rubutu, ku jera lamba daga 1 zuwa 48 a gefe. Ku buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ku duba lambar da aka buga a ƙasa ko saman kowane shafi, ku sa alama a gaban lambar. Wannan aikin ya zama dole, domin hotuna sukan iso a hargitse, kuma ƙidayar hotunan kaɗai tana ruɗarwa. A misalinmu, mai gani zai ɗauka shafi biyu ne suka ɓata. Amma da aka bi lamba sai aka tarar an ɗauki shafi na 12 sau biyu, don haka shafi uku ne babu: na 17, na 30 da na 31. Shafuka biyu masu bin juna sukan ɓata tare, saboda takardun sun manne lokacin da mai ɗauka yake juyawa.

Yanzu ku koma shafin abubuwan da ke ciki, ku ga me ke waɗannan shafukan. Idan na 17 hotunan taro ne, za a iya wucewa. Idan na 30 da 31 su ne farkon babin matsaloli, to a nemi a sake ɗauko su kafin a rubuta komai. Ku roƙi mai ɗaukar ya shimfiɗa shafin sosai a wuri mai haske, ya riƙe wayar daidai saman takardar, kuma ya turo hoton a matsayin fayil, domin manhajojin aika saƙo sukan matse hoto har ƙananan rubutu su dusashe.

Karatu da biro a hannu

Ba daga shafi na 1 ake fara karanta irin wannan rahoto ba. Ku fara da kammalawa da shawarwari, waɗanda galibi suke can ƙarshe kafin rataye, daga nan ku duba jadawalai, sannan ku dawo sauran babuka. Jawabin shugaba da godiya ga masu tallafi ku bar su sai ƙarshe, da wuya a sami abin ɗauka a ciki. Duk abin da kuka rubuta a littafinku, ku sa lambar shafinsa a gaba, kamar haka: an yi niyyar gyara rijiya 60, shafi na 8. A waya ba a lanƙwasa gefen takarda a dawo mata, don haka wannan lambar ce za ta mayar da ku wurin in an tambaye ku.

Alƙaluman da hoto ya ɓata

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka mu ɗan tsaya. Idan hoto ya yi dishi-dishi, 3 takan yi kama da 8, 1 ta yi kama da 7, 5 kuma da 6. Kusa da ɗinkin littafi takarda takan lanƙwashe, sai lambar farko ko ta ƙarshe ta shige inuwa. Wani lokaci kuma a yanke saman jadawali, inda aka rubuta cewa alƙaluman a dubbai suke, sai mutum ya rubuta 250 alhali 250,000 ake nufi.

A rahotonmu, jadawalin shafi na 22 ya nuna rijiyoyin da aka gyara a yankuna uku. Na farko 18, na biyu 21, na uku kuwa ba a bambance ko 13 ne ko 18. Kada ku yi canke. Ku duba jimla a ƙasan jadawalin: 52. Ku haɗa 18 da 21, ya ba da 39. Ku cire 39 daga 52, saura 13. Ga amsa ta fito. Sannan ku nemi adadin a wani wuri cikin rahoton, domin muhimmin adadi yakan fito fiye da sau ɗaya. Idan shafi na 9 ma ya ce 52, hankali ya kwanta. Adadin da ya gagara tabbatarwa ta waɗannan hanyoyi biyu, a sake ɗauko hotonsa, in ba a samu ba a bar shi waje.

Akwai wani tarkon da ba na hoto ba. Farkon rahoton ya ce an gyara rijiya 52, amma can a shafi na 34 an ambata cewa 7 daga ciki sun sake lalacewa kafin ƙarshen shekara. Ashe waɗanda ke ba da ruwa 45 ne. A ganina, taƙaitawar da ta kawo 52 ta ɓoye 45 ta cuci shugabanni, ko da babu ƙarya a cikinta, domin za su fita taro suna zaton babu sauran aiki.

Rubuta shafin

A sama ku sa sunan rahoton, shekarar da ya shafa da ranar da kuka taƙaita. Sakin layi na farko ya faɗi sakamako da abin da ake so a yanke, ba tarihin ƙungiya ba. Ga yadda namu zai fara:

"A bana an yi niyyar gyara rijiya 60, aka gyara 52, amma 7 sun sake lalacewa saboda rashin kayan gyara a kusa. Waɗanda ke aiki yanzu 45 ne. Ana neman kwamitin gudanarwa ya amince a horar da masu gyara a kowane yanki, a kuma tanadi kayan gyara."

Wanda ya karanta wannan kaɗai ya san inda aka kwana. Bayansa sai manyan abubuwan da aka gano, uku ko huɗu, kowanne da adadinsa da shafinsa. Sai matsaloli da dalilansu, sai shawarwari kamar yadda rahoton ya kawo su. Kada ku cusa ra'ayinku cikin na rahoton. Idan ya ce "mai yiwuwa", ku ma ku ce mai yiwuwa. Idan har lokacin miƙawa ba a samu wani shafi ba, ku rubuta a ƙasa: "An yi wannan taƙaitawa ba tare da shafi na 17 ba."

Idan rubutun ya zarce shafi, ku rage magana, kada ku ƙanƙanta haruffa. Kafin ku miƙa, ku bi kowane adadi da yatsa kuna gwada shi da hotonsa.

Aikin gwaji

Ku sami rahoto mai shafi 10 ko fiye. Abokin karatu ya ɗauke shi hoto, ya bar shafi ɗaya da gangan ba tare da ya faɗa muku wanne ba. Ku gano shafin, ku tabbatar da adadi biyu ta hanyar jimla, sannan ku rubuta sakin layi na farko cikin jimloli uku, ku kawo aji a karanta.