Kurakuran da aka fi yi wajen sauya besis

Duk ranar Asabar ina zama da wasu yaran unguwarmu a Idi-Araba da ke Legas, waɗanda ke karatun lissafi da injiniya a Akoka da Yaba, muna bitar aljebra. Na gaji da maimaita gyara ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi, wanda ya sake yi sai in miƙa masa ya karanta.

Babban kuskuren shi ne rashin sanin inda matiriks ɗin sauyi ya dosa. An ba ka sabon besis, wato jerin bektocin da ake auna kowace bekta da su, ka jera bektocinsa a tsaye, ka samu matiriks P. Sai zuciyarka ta ce maka tunda da sabon besis aka gina P, to shi ne zai kai ka zuwa sababbin kodinet. Ƙarya take yi maka. P yana karɓar kodinet na sabon besis ne, ya mayar da su na tsohon. In sababbin kake nema, inbas ɗin P za ka ɗauka.

Wannan ne ya ci ni ina aji biyu a jami'a. Tambaya ɗaya ce mai rassa huɗu, kowane reshe ya dogara da na farko. Na ninka da P inda ya kamata in ninka da inbas ɗinsa, lissafin ya tafi sumul, babu inda ya cije, na fito ina ta murmushi har ina faɗa wa abokai amsa a bakin ƙofa. Da sakamako ya fito sai ga kari-oba. Shekara guda na jira kafin in sake zama. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne minti ɗaya ya ishe ni in gano, da na duba.

Ku tuna da mai ƙwai a kasuwar Agege. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Tsohon ma'auni shi ne ƙwai ɗaya, sabon ma'auni kiret, don haka P a nan lamba ɗaya ce kawai, 30, wato sabon ma'auni da aka faɗa da bakin tsohon. To mai ƙwai 90 kiret nawa gare shi? Ba wanda zai ninka 90 da 30 ya ce kiret 2700. Rabawa ake yi, a samu 3. Ninkawa da 30 tana ɗauko ka ne daga kiret zuwa ƙwai. Ƙwan kuma bai ƙaru ba bai ragu ba, lambar da ake kiransa da ita ce ta sauya. Haka bekta take: tana nan inda take, kodinet ɗinta ne ke canzawa.

Ga shi da lambobi. Besis B yana da b1 = (1, 1) da b2 = (2, 3), bektarmu kuma v = (7, 9) a besis na yau da kullum, wato (1, 0) da (0, 1).

```
P = | 1  2 |      P⁻¹ = |  3  -2 |
    | 1  3 |            | -1   1 |
```

Ninka P⁻¹ da (7, 9). Layin farko 21 − 18 = 3, na biyu −7 + 9 = 2. Kodinet ɗin v a B su ne (3, 2). Yanzu sai binciken da ban yi ba a ɗakin jarabawa: ma'anar (3, 2) ita ce b1 sau uku a haɗa da b2 sau biyu. Uku sau (1, 1) ya ba da (3, 3), biyu sau (2, 3) ya ba da (4, 6), jimla (7, 9). Ta dawo gida. Wanda ya ninka da P kuwa zai samu (25, 34), kuma da zai gwada b1 sau 25 da b2 sau 34, lambar farko kaɗai ta kai 93. Ina 93 ina 7?

In na manta alkibla, dabarata ita ce in ciyar da matiriks ɗin da (1, 0). P sau (1, 0) yana fito da layin tsaye na farko, wato (1, 1), wanda shi ne b1 a tsohon besis. A wane besis ne b1 ke amsa sunan (1, 0)? A B. Ke nan P ya ci kodinet na B ya haifi na tsohon. Ban dogara da sunan da littafi ya ba matiriks ɗin ba, domin littattafan ma ba su daidaita ba: matiriks ɗin da wani marubuci zai kira na sauyi daga tsoho zuwa sabo, wani zai kira shi daga sabo zuwa tsoho, ɗaya yana kallon bektocin besis, ɗaya yana kallon kodinet. Ku daina haddace sunan.

Kuskure na biyu, wanda har yau yake sa ni ɗaga murya, yana zuwa ne in besis biyun duk ba na yau da kullum ba ne. Ƙara besis C mai c1 = (1, 0) da c2 = (1, 1), matiriks ɗinsa Q. Kana da kodinet na B, kana son na C. Babu danfo mai tafiya kai tsaye, sai ka sauka a tsakiya ka canja mota: P ya kai ka besis na yau da kullum, Q⁻¹ ya ɗauke ka daga nan zuwa C.

```
[v]_C = Q⁻¹ P [v]_B

Q⁻¹ P = | 0  -1 |
        | 1   3 |
```

Sau (3, 2) ya ba da (−2, 9). Duba: −2 sau (1, 0) da 9 sau (1, 1) sun haɗa (7, 9). Daidai.

Makon jiya wata ɗaliba ta rubuta P Q⁻¹, ta samu (5, 7). Na ce ta gwada, ta gwada, ya ba ta (12, 7). Sai ta ce, "Malam, ai P ne na farko, shi ya sa na fara rubuta shi." Na ce mata, ke, wanda ya fi kusa da bekta shi ne ke fara aiki, daga dama ake karantowa kamar ajami. Kuma wallahi abin da ke ba ni haushi ba kuskuren ba ne, kowa na yi. Sai yaro ya cika shafi biyu da lissafi, ya ja layi biyu ƙarƙashin amsa, ya rufe littafi, bai ɓata layi ɗaya ya mayar da amsar cikin besis ya gani ba. Ni yanzu ba na karɓar aikin da babu wannan layin, ko amsar daidai ce.

Sauran ƙanana ne. A tsaye ake jera bektocin besis, ba a kwance ba. Ka kwantar da namu ka ninka da (3, 2), (5, 12) za ka samu maimakon (7, 9). Jerin ma yana da tasiri: in b2 ta riga b1, kodinet sun zama (2, 3). Taranspos ba ya tsayawa a madadin inbas sai in bektocin besis duk tsawonsu 1 ne kuma suna tsaye cak a kan juna, namu kuwa ba haka suke ba. In ditaminan ya fito 0, kada ka ci gaba da neman inbas, abin da ke hannunka ba besis ba ne ko kuma ka kwafi lamba ba daidai ba.

Na zaɓi P da Q masu ditaminan 1 don lambobi su fito fes, amma wannan ma tarko ne, domin yana sa mutum ya saba da manta rabawa. Ranar Asabar mai zuwa b2 zai koma (2, 4), ditaminan ya zama 2, v kuma tana nan a (7, 9). Ku zo da amsa, da layin bincike a ƙarƙashinta.