Yadda za ka gano inda Android ke ajiye foldar kowace manhaja, da abin da ya sa wata ba ta leƙa ta wata

Ka taɓa buɗe manhajar duba fayiloli a wayarka, kana neman inda WhatsApp ya ajiye hirarrakinka, ka bi folda-folda ba ka ga komai ba? Ba ɓata suka yi ba. Suna wani ɗaki da ko kai mai wayar ba a ba ka makullinsa ba. Android kamar gidan haya ne: kowace manhaja da ɗakinta da kwaɗonta, sai tsakar gida da kowa ke shanya. Bari mu bi WhatsApp mu ga inda kayansa suke.

Mataki na farko: zaga tsakar gida

Wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Buɗe manhajar fayiloli, ka shiga ma'adanar ciki. Ainihin adireshin wurin nan shi ne /storage/emulated/0, kuma nan DCIM da Download da Pictures suke. Shiga foldar Android, za ka tarar da data da media da obb. Buɗe media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp. Hotuna da saƙonnin murya suna cikin Media, a cikin Databases kuma akwai fayil mai suna irin msgstore.db.crypt14.

Kada murna ta kama ka. Wannan kwafin ajiya ne da aka kulle, mabuɗinsa kuma ba ya nan.

Yanzu koma baya ka taɓa data. In wayarka Android 11 ce ko sama, yawancin manhajojin fayiloli za su nuna maka wayam, ko su ce babu izini. A da, duk manhajar da ka ba izinin ma'adana tana iya bin wannan folda ta karanta ta kowa. An fara rufe ƙofar a Android 10 a 2019, aka tilasta wa manhajoji bin dokar a Android 11 a 2020. Ko izinin nan na All files access bai buɗe Android/data na wata manhaja.

Mataki na biyu: haɗa wayar da kwamfuta

Shiga Settings, ka nemi Build number a ƙarƙashin About phone, ka taɓa shi sau 7. Developer options zai bayyana, sai ka kunna USB debugging. A kwamfuta ka sauke Platform Tools na Android, a ciki adb yake, wato manhajar da kwamfuta ke ba waya umarni da ita. Jona kebul, ka amince da tambayar da za ta fito a fuskar wayar, sannan ka buɗe tagar rubuta umarni ta kwamfutar a cikin foldar Platform Tools, ka rubuta:

```
adb devices
adb shell
```

In ka ga unauthorized, ba ka amsa tambayar ba ne. In babu komai a jerin, fara zargin kebul, domin da yawa na kasuwa caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai.

Mataki na uku: nemo lambar manhajar

Nan gizo ke saƙa. Android a kan Linux aka gina shi, Linux kuwa tun asali an yi shi ne don mutane da yawa su yi aiki a kwamfuta ɗaya ba tare da wani ya taɓa fayilolin wani ba. Kowane mutum da lambarsa, wato UID. Dabarar Android ita ce ta ɗauki kowace manhaja a matsayin mutum guda. Ranar da ka saka manhaja, ranar ake yanka mata lamba, daga 10000 zuwa sama.

```
pm list packages -U | grep whatsapp
ps -A | grep whatsapp
```

A ce layin farko ya ba ka uid:10213. Taka za ta bambanta, domin ta danganta da jerin yadda aka saka manhajoji a wayar. Layi na biyu, in WhatsApp na aiki, zai fara da u0_a213. Abu ɗaya ne: u0 yana nufin mai waya na farko, a213 kuma 10000 ne aka ɗora masa 213. Da a sashen aiki na wayar aka saka shi, wato Work profile, inda lambar mai amfani kan zama 10, da u10_a213 za ka gani, da folda dabam. Shi ya sa manhaja ɗaya a sassa biyu ba ta haɗa asusu.

Mataki na huɗu: ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin

```
pm path com.whatsapp
ls /data/data/com.whatsapp
```

Na farko zai nuna maka base.apk a ƙarƙashin /data/app. Wannan jikin manhajar ne, ba bayananka ba. Na biyu zai amsa da Permission denied, kuma amsar da muke nema ke nan.

Ga abin da ya faru. Foldar /data/data/com.whatsapp, wadda kuma ake isa gare ta ta /data/user/0/com.whatsapp, mallakar lamba 10213 ce. Izininta drwx------ ne, ma'ana mai ita ya karanta, ya rubuta, ya shiga, saura kuwa ko leƙe. Kai da ka shigo ta adb lambarka 2000, rubuta id ka gani. Da ka nemi buɗe foldar, zuciyar tsarin, wato kanel, ta gwada lambobin biyu, ta ga ba su zo ɗaya ba, ta hana. Haka za ta yi wa manhajar fayiloli, haka za ta yi wa wasan da yaro ya sauke maka jiya. Ba WhatsApp ke tsaron ƙofarsa ba, ba kuma kunya ce ke hana maƙwabta shiga ba.

Bayan kwaɗo akwai maigadi, SELinux, wanda ke aiki gadan-gadan tun Android 5.0. Kowace folda da tambarinta, kuma daga Android 9 manhajojin da aka gina don ita kowace tambarinta dabam. Ko mai manhaja ya yi sakaci ya bar fayil a buɗe, tambarin zai tare baƙo. Rubuta getenforce. Enforcing ya kamata ka gani. In waya ce da ka saya a hannun wani ta ce Permissive, an taɓa cikinta, ni dai ba zan saka manhajar banki a kanta ba.

To me ke cikin ɗakin? Galibi databases da shared_prefs da files da cache. Ainihin hirarrakin WhatsApp suna databases/msgstore.db, mabuɗin kwafin nan da ka gani ɗazu kuma yana files/key.

In kai mai rubuta manhaja ne, kana iya shiga taka, muddin ginin gwaji ne:

```
run-as com.example.app ls -l
```

Gwada shi a kan WhatsApp, zai ce maka package not debuggable.

Inda ake yin asara

Manhaja ba ta miƙa fayil sai da yardarta. Idan ka taɓa Share, ba ɗakin take buɗewa ba, fayil ɗaya take miƙowa ta taga, da izini na ɗan lokaci. Saboda haka duk manhajar da ta yi maka alkawarin karanto bayanan wata daga ɗakinta a wayar da ba a yi wa rutin ba, wato ba a buɗe wa mai ita cikakken iko a kan tsarin ba, ƙarya take. Abin da irinsu ke yi shi ne su roƙe ka izinin karanta sanarwa ko na Accessibility, su riƙa kallon abin da ke bayyana a fuska. Rutin kam yana buɗe kowane ɗaki, amma buɗe bootloader, wato manhajar da ke tayar da tsarin wayar, da akan fara da shi yana goge bayanan wayar kaf, har da abin da kake nema.

Sai batun gogewa. Clear cache foldar cache kaɗai yake sharewa. Clear storage yana kwashe ɗakin gaba ɗaya, har da hirarraki da mabuɗi. Cire manhaja kuwa yana tafiya da ɗakin, da foldarta ta Android/data, da ta Android/media, sai fa in wayar ta tambaye ka ko a bar bayanan ka amsa da e. Kafin ka cire, ko ka miƙa wa mai gyara, fita daga adb shell da exit, ka kwashe abin da hannu ke kaiwa:

```
adb pull /sdcard/Android/media/com.whatsapp
```

Hotuna da saƙonnin murya za su sauka a kwamfutarka. Fayil ɗin crypt14 ma zai biyo su, amma ba zai buɗu ba sai ka mayar da shi wurinsa, ka sake shiga WhatsApp da lambar wayar da aka yi shi da ita.