Idan Matarka Na Fama da Ciwon Damuwa: Kurakuran da Magidanta Suka Fi Yi

Bayan kaka wani manomin shinkafa daga fadamar Haɗeja ya shigo ɗakin shan maganin da nake aiki, ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba shi ne mara lafiyar ba. Ya ce, "Malam, mai ɗakina ce. Wata biyu ke nan ba ta dariya. Na yi mata ɗinki kala biyu, na sayo mata tunkiya, na sake rufin ɗakinta da kwano, amma kamar ina zuba ruwa a rariya."

Mutumin kirki ne, kuma irinsa sun fi yawa a cikin masu zuwa mini da wannan magana. Ya saba idan injin ban ruwa ya tsaya ya kwance shi, ya gano abin da ya lalace, ya tayar kafin azahar. Haka ya ɗauki matarsa. Daga nan kusan duk kurakuransa suka fito.

Na farko shi ne tambayar nan, "Me kika rasa a gidan nan?" Shi a wurinsa bincike yake yi, yana neman inda ya gaza ya gyara. Ita kuwa abin da take ji shi ne ana lissafa mata alherin da aka yi mata ana ce mata butulu. Ciwon damuwa ba lallai ne ya zo da dalilin da za a nuna da yatsa ba. Wani lokaci akwai mafari, kamar rasuwar yaro, ko haihuwa, ko zuwan amarya, wani lokaci kuma rumbu cike, yara lafiya, amma ciwon ya sauka. Abin da muke dubawa a asibiti shi ne ko mutum ya yi aƙalla mako 2 kusan kullum cikin ƙunci, ko abin da ke faranta masa rai a da ya daina yi masa daɗi, tare da lalacewar barci, rashin cin abinci, kasala, da ganin kansa ba shi da amfani. Matar manomin nan tana farkawa tun kafin kiran assalatu ta kasa komawa, ta daina ƙosan da take soyawa yara su kai talla, aka yi suna a gidan ƙanwarta ta ce kanta na ciwo. Da yawa ma da ciwon jiki suke zuwa: kai ya yi nauyi, jiki na zafi, wani abu na yawo a jiki.

Gyaran ba wuya a faɗa, a aikace ne yake da nauyi. Ka bar tambayar dalili. Bayan isha'i, yara sun kwanta, ka zauna kusa da ita ka ce, "Maman yara, na ga kwanan nan abin ya yi miki nauyi. Ina nan." Sai ka yi shiru. Shirun nan ne ya fi ba maza wahala. Idan ta ce, "Ni dai ji nake ba ni da wani amfani," harshenka zai yi ƙaiƙayin ya ce "Haba, wace irin magana ce wannan." Ka riƙe shi. Ka ce, "Ashe haka kike ji. Tun yaushe?" Ba ka yarda cewa ba ta da amfani ba, ka dai nuna mata cewa za ta iya faɗin abin da ke ranta ba tare da an rufe mata baki ba. In kuma shawara ta cika maka ciki, ka fara tambaya: "In faɗi abin da nake gani, ko dai in saurare ki?" Yawanci za ta ce ka saurara.

Kuskure na biyu ya fi zafi domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. "Ki yi tawakkali." "Dubi wance, mijinta ya rasu ya bar mata yara bakwai, ba ta kwanta ba." Mai wannan ciwo dama tana zargin kanta dare da rana, idan aka ɗora mata cewa imaninta ne ya yi rauni, an ƙara mata kaya ne a kan kaya. Ba wanda ke ce wa mai hawan jini rashin tawakkali ne ya kama shi. Addu'a tana da gurbinta, amma akwai bambanci tsakanin ka yi mata wa'azi da ka zauna gefenta ka karanta mata abin da ya sauwaƙa, ka tofa mata, ka tashi ba tare da ka tambaye ta ko ta ji sauƙi ba.

Sai maganar aiki, kuma nan zan daɗe, domin ana faɗawa rami ta gefe biyu. Wani ya tsawata, "Tashi ki yi surfe, lalaci ne." Wani kuma, kamar manomin nan, don tausayi ya ɗauke mata komai: ya sa abokiyar zamanta ta karɓi girki gaba ɗaya, ya kai yaran wurin kakarsu, ya ce ta kwanta ta huta. Sai ta wuni a ɗaki, labule sauke, daga ita sai tunani. Shi ciwon damuwa da zaman banza yake ƙiba. Mutum ya daina motsi saboda ba ya jin daɗi, rashin motsin ya ƙara kashe masa jiki, haka abin ke zagayawa. Kuma kada ka jira sai ta ji sha'awar yin abu. A wannan ciwo motsi ne ke zuwa kafin sha'awa.

Abin da muka shirya da shi ƙarami ne ƙwarai. A makon farko abu ɗaya tak: da hantsi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta fito ta zauna kamar minti 15, shi kuma ya zauna yana gyaran ragar kifinsa, ba hira dole. Mako na biyu aka ƙara ba tunkiyar nan dusa da ruwa, ya zama aikinta ne. Mako na uku ta tsince wake, ƙwarya ɗaya, ba tiya biyar ba. Ranar da ta kasa, ba a ce komai, gobe a sake shimfiɗa tabarmar. Ya tambaye ni ko ya riƙa yaba mata sosai idan ta yi. Na ce "sannu da aiki" ta isa. Yabon da ya wuce kima yakan sa ta ji ana lallaɓa ta kamar ƙaramar yarinya.

Idan fargaba ce ta fi yawa, salon ya ɗan bambanta. Gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, gumi, ta ce mutuwa za ta yi. Irin wannan yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka da kansa. Kuskuren shi ne a tara mata jama'a, wannan na yayyafa ruwa, wancan na salati da ƙarfi, wata na cewa iska ce. Ka sallami mutane, ka rage murya, ka ce, "Ya taɓa zuwa ya wuce, yanzu ma zai wuce." Ku yi numfashi tare, ku ja kuna ƙirga huɗu, ku saki a hankali kuna ƙirga shida. Bayan ya lafa kada ka yanke hukuncin cewa daga yau ba za ta ƙara zuwa biki ko awo ba tunda can abin ya same ta. Duk wurin da aka guje wa, tsoronsa ƙaruwa yake yi. Gara ka raka ta, ta yi rabin sa'a ta dawo.

Amma kafin a kira abu fargaba, a auna ta. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo bugun zuciya da kasala. Mai jego kuwa da ke haki idan ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, ba fargaba ba ce sai an tabbatar. Ciwon zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, a kai ta babban asibiti a ranar.

Wani kuskuren shi ne gaggawa da magani. A je kemis a karɓo baliyam don ta samu barci. Za ta yi barcin, amma ciwon na nan, kuma cikin 'yan makonni jiki ya saba har ta kasa kwanciya sai da shi. Magungunan damuwa na gaskiya, irin su amitiriftilin da fuloksetin, ma'aikacin lafiya ne ke rubuta su, kuma a gaya masa idan tana da ciki ko tana shayarwa. Ba sa aiki kamar maganin zazzaɓi. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kafin a ga sauyi, alhali bushewar baki da jiri da yawan barci na iya zuwa tun kwanakin farko. Nan ake asarar mutane: kwana biyar, maigida ya ce ba ya aiki, a jefar, a koma wurin wani mai magani. Wasu kuma da zarar ta fara dariya sai a tsayar, bayan wata guda ciwon ya dawo. Ana ci gaba da sha watanni bayan samun sauƙi, aƙalla 6, kuma likita ne ke rage shi a hankali. Idan asibitin kusa ba su da mai duba wannan, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san sunan Dawanau kaɗai na tsorata mutane, amma mafi yawan masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar.

Kada kuma "ba ni zan gyara ba" ya zama naɗe hannu. Akwai abin da aikinka ne kai tsaye. Idan ta fara cewa "gara in huta," ko "ku yafe ni," ko tana rarraba kayanta, ka tambaye ta ba kewaye-kewaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji an ba shi ƙofar magana. A ƙauye haɗarin yana rataye a jikin bango: maganin feshi, fiya-fiya, maganin ɓera, ƙwayar da ake sa wa wake a buhu. Tun yau ka fitar da su daga gidan ko ka sa musu kwaɗo ka riƙe makulli. Amitiriftilin ma haɗari ne idan aka sha da yawa, don haka ya zauna a hannunka. In ta amsa da e, ko ta daina ci da sha, ko mai jego ta rikice tana jin muryoyi ko tana ƙin jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a nemi mota a ranar.

Manomin nan ya ɓoye wa kowa, har mahaifiyarsa, don kada a ce matarsa ta taɓu. Ya rame shi ma. Na ce ya zaɓi mutum ɗaya da ita matar ta yarda da shi, ba wanda shi ya ga dama ba. Ta zaɓi yayarta da ke aure a ƙauyen gaba, ta riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Ga Inna kuwa jimla ɗaya ta wadatar: "Ba ta da lafiya, likita ya gani, tana shan magani." Shi kuma na ce ya koma majalisarsa ta bakin masallaci da yamma, ya bar gadin ƙofar ɗaki.

Ya dawo karɓar magani a mako na bakwai. Na tambaye shi jiki. Ya ce har yanzu akwai ranakun da ba ta fitowa, shekaranjiya ma ta wuni a kwance. Amma jiya da ya dawo daga fadama ya tarar ta jiƙa wake, ta kuma yi masa faɗa wai ya bar tunkiya ta ci mata zogale.